Allura ko ɗigo a baki: wanne bitamin K ya fi dacewa da jaririn da aka haifa a Zariya?

Jariri mai kilo uku, duk jinin da ke jikinsa bai wuce kimanin mililita 250 ba, wato rabin ledar fiya wata. Idan ya zubar da cikin cokalin cin abinci biyu, ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma na jininsa ke nan. Shi ya sa ɗan tsiyayar da babba ba zai ko waiwaya ba, a jikin ɗan kwana huɗu abin tashin hankali ne. Kuma a daidai wannan lokacin ne jinin ɗan Adam ya fi kowane lokaci ƙin daskarewa, saboda kowane jariri, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, yana zuwa duniya da ƙarancin bitamin K.

Hanyoyi uku ne iyaye kan tsinci kansu a kai. Akwai allura guda a cinya ranar haihuwa, akwai ɗigawa a baki sau da yawa, akwai kuma barin abin ga nonon uwa da abincin da take ci. Na ukun shi ne abin da ke faruwa da mafi yawan jariranmu ba tare da kowa ya zauna ya zaɓa ba, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma ƙasa da haihuwa ɗaya cikin biyar ce ake yi a asibiti. Kafin a auna ukun, sai an san abin da bitamin ɗin ke yi.

Hanta ce ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an yanke. Huɗu daga cikinsu, waɗanda likitoci ke kira na 2, na 7, na 9 da na 10, hanta na iya ƙera su amma ba za su kama aiki ba sai bitamin K ya ƙarasa su. Idan babu shi suna nan suna yawo a jini, sai dai ba sa riƙe komai. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Henrik Dam, shi ya fara lura da haka a 1929, da ya ga ƴan tsakin da ya hana wa abinci mai maiƙo suna zubar da jini a ƙarƙashin fata. Ita cutar kuwa an riga an san ta tun kafin nan: a 1894 wani likita a Boston, Charles Townsend, ya rubuta labarin jarirai 50 da suka yi ta zubar jini a kwanakin farko ba tare da sun gaji wata cutar jini ba.

Dalilin ƙarancin a jariri ba sakacin uwa ba ne. Bitamin K ba ya ratsa mabiyiya sosai, ko da jinin uwa cike yake da shi, abin da ke isa ga ɗan tayi kaɗan ne ƙwarai. Babba yana samun wani kaso daga ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjinsa, shi kuwa jariri hanjinsa sabo ne, sai a hankali suke zama. Sannan nonon uwa, duk da ya fi kowane abinci dacewa da jariri, a wannan fannin kaɗai yana da rauni: lita guda ba ta ɗauke da abin da ya wuce maikirogiram ɗaya zuwa huɗu. Madarar gwangwani ta jarirai an zuba mata shi da gangan, takan kai hamsin ko fiye a lita. Wannan ba hujjar barin nono ba ce, domin gudawar da madarar gwangwani da ruwa marar tsabta ke jawowa ta fi zubar jinin nan kisa nesa ba kusa ba. Abin da yake nufi kawai shi ne jaririn da ake shayarwa nono zalla, yadda ake koyarwa a wurin awo, shi ya fi bukatar a cike masa wannan giɓin.

Zubar jinin iri uku ne, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin zaɓin. Na farko yana zuwa cikin awa 24 da haihuwa, kuma kusan kullum a jariran matan da ke shan wasu magunguna da ciki: na farfaɗiya irin su fenitoyin, kabamazafin da fenobabiton, na tarin fuka irin su rifamfisin da isoniyazid, ko wafarin mai tsinka jini. Mai irin wannan ciki ba ta cikin masu zaɓi. Ta faɗa a wurin awo, ta haihu a asibiti, a yi wa jaririn allura nan take, kuma kada ta daina maganinta da kanta.

Na biyu yana zuwa tsakanin kwana biyu da kwana bakwai. Cibiya ta yi ta tsiyaya, ko a ga jini a kashi, ko wurin da aka yanka ya ƙi tsayawa. Tsofaffin ƙididdiga na kafin a fara ba da bitamin sun sa shi tsakanin jariri ɗaya cikin 400 zuwa kusan ɗaya cikin 60. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san abin da ke faruwa a wannan makon. A cikinsa wanzami ke zuwa da zabirarsa, a cire beli, a yi askin suna, wasu gidajen a yi tsaga, yanzu kuma akwai masu yi wa ɗa namiji kaciya tun yana cikin tsumma maimakon a jira ya tasa. Wato aska na sauka a jikin yaro daidai kwanakin da sinadaran daskarewar jininsa suka yi ƙasa. Cire beli dai ba shi da wani amfani da likitanci ya tabbatar, kuma wuri ne da ba a iya dannawa a tsayar da jini, jaririn haɗiyewa yake yi ba a gani. Ko an yi allurar, ra'ayina a bar shi.

Na uku shi ne mugun. Yana zuwa daga mako biyu zuwa wata uku, wani lokaci har wata shida, bayan an sha suna an watse, mai jego ta kusa gama wanka. Ba shi da yawa: a Turai, inda aka ƙirga da kyau, jarirai huɗu zuwa bakwai ne cikin dubu ɗari da ba a ba su komai ba, a wasu ƙasashen Asiya kamar Tailan kuwa adadin ya ninka haka sau da yawa. Amma kusan rabin waɗanda ya kama, a cikin ƙwaƙwalwa jinin ke zuba, kuma sau da yawa yaron lafiyayye ne ɓul-ɓul har zuwa ranar. Wasu su rasu, da yawa daga waɗanda suka rayu su tashi da shanyewar sashen jiki, ko farfaɗiya, ko jinkirin magana da tafiya.

Allura a cinya

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne miligiram ɗaya na bitamin K1 a tsokar cinya, sau ɗaya, ga kowane jariri. Ba a ɗauke shi daga ƙirjin uwarsa a guje domin wannan ba. A bar shi awar farko ya kwanta a jikinta ya kama nono ya sha dakashi, sannan a yi masa, kuma an fi so kada a wuce awa shida. Bakwaini ko wanda bai kai kilo ɗaya da rabi ba ana rage masa, galibi zuwa rabi ko gwargwadon nauyinsa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fara ba da wannan shawarar tun 1961, saboda haka abu ne da aka yi fiye da shekara sittin ana gani.

A yi lissafi kaɗan a ga abin da ya sa sau ɗaya ke isa. Miligiram ɗaya maikirogiram dubu ne. Jaririn da ya kama nono sosai yana shan kimanin kashi uku cikin huɗu na lita a yini, wanda zai ba shi maikirogiram ɗaya zuwa uku. Allurar ta fi abin da nono zai ba shi a wata shida. Kuma ba ta shiga jini gaba ɗaya ta fice, tana zama a tsoka tana tsiyaya a hankali, hanta na ajiye wani, har yaro ya kai lokacin da zai fara cin abinci. Abu na biyu, kuma shi ne babba, allura ba ta bi ta hanji. Ko yaro na amai, ko yana gudawa, ko hanjinsa ba ya iya tsotsar maiƙo, ta riga ta shiga. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce jaririn da ba a yi wa ba ya fi wanda aka yi wa haɗarin zubar jini na ukun nan sau 81.

Aibinta ba shi da yawa. Akwai zafi na ɗan lokaci, wanda ke raguwa idan yaro na kan nono ana yi. Akwai ɗan kumburi ko ja a wurin. Akwai bukatar hannun da ya iya da sirinji sabo. Inda aka fi samun kuskure shi ne awo, domin kwalbar ba iri ɗaya ba ce. Wata an yi ta don jarirai, miligiram ɗaya a rabin mililita. Wata kuwa ta manya ce, miligiram goma a mililita ɗaya, kuma ita ake yawan samu a kemis. Daga ta manyan, abin da za a ja wa jariri kashi ɗaya ne cikin goma na mililita, ɗan ɗigo a gindin sirinji, wanda ba ya auno daidai sai da ƙaramin sirinji mai mililita ɗaya. Wanda ya juye kwalbar duka ya ba yaro ninki goma. Idan an rubuta wa maigida ya je ya sayo, ya duba abu biyu a jikin kwalbar: ƙarfinta, da kuma ko K1 ce. Tsohuwar da ake kira K3 tana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini ta jawo shawara mai tsanani, musamman a yaran da ke da ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare waɗannan ƙwayoyin, ƙarancin da ya yawaita a ƴaƴanmu maza a Najeriya. Haske na lalata K1, don haka kwalbar da ta daɗe a fili cikin gilashin shago ba abar yarda ba ce.

Akwai maganar kansa, kuma gara a faɗe ta tun da tana yawo a waya. A 1990 da 1992 wasu masu bincike a Bristol ta Birtaniya sun fitar da rahoton da ya nuna kamar akwai alaƙa tsakanin allurar da kansar yara. Hankula suka tashi, aka bi maganar da manyan bincike a ƙasashe da dama kan yara masu yawan gaske, ba a sami alaƙar ba. Abin da aka samu a zahiri shi ne sakamakon tsoron. Ostireliya ta koma ɗigon baki a 1993, zubar jini a ƙwaƙwalwar jarirai ya sake bayyana, a 1994 ta dawo allura. A 2013 kuma a Nashville ta jihar Tennessee aka kwantar da jarirai huɗu da iyayensu suka ƙi allurar, uku daga cikinsu da jini a ƙwaƙwalwa.

A nan Zariya abin da na fi ji ba kansa ba ne. Kaka ce za ta ce, "Yaro ko kwana bai yi ba a fara huda shi? Mu da me aka yi mana?" Ko kuma a haɗa ta da rigakafi, mai ƙin rigakafi ya ƙi ta, mai son rigakafi ya ɗauka an riga an yi. Ba rigakafin wata ƙwayar cuta ba ce, abinci ne da jiki ke bukata aka ba shi ta allura. Rigakafin ranar haihuwa uku ne daban: na tarin fuka a dantse wanda ke barin tabo, na ciwon hanta a cinya, da ɗigon shan-inna a baki. Ana iya yi wa yaro ukun nan cif a cike masa kati alhali bai sami bitamin K ba. Saboda haka ganin an yi allura a cinya bai isa shaida ba, a tambaya da baki.

Ɗigo a baki

Wannan hanya ce ta gaske, akwai ƙasashen da ke bin ta, kuma ta fi babu nesa. Ɗigo ɗaya ranar haihuwa yana kare jariri daga zubar jinin makon farko kusan kamar allura. Matsalar ita ce ba ya daɗewa a jiki, cikin makonni kaɗan ya ƙare, daidai lokacin da haɗarin ƙwaƙwalwa ke shigowa. Don haka dole a maimaita. Tsarin da aka saba a Birtaniya shi ne miligiram biyu ranar haihuwa, biyu tsakanin kwana huɗu da bakwai, biyu kuma da cika wata ga mai shan nono. Danmak ta taɓa bin wani tsari: miligiram biyu ranar haihuwa, sannan miligiram ɗaya duk mako har wata uku. Idan yaro ya yi tumbuɗi ko amai cikin awa guda da ba shi, sai a sake.

Yanzu a ɗora wannan a kan rayuwar mai jego a Tudun Jukun ko wani ƙauye a Giwa. Ɗigo na biyu ya faɗo ana tsakiyar hidimar suna. Na uku ya faɗo tana cikin arba'in, wataƙila ma ta tafi wankan gida wurin iyayenta a wani gari, katin yana can ɗakin miji. Ko a Turai, inda ungozomar gwamnati ke bin mai jego har gida, ɗigo na uku ne ake yawan mantawa. Sannan samfurin da aka yi domin a ɗiga wa jariri a baki ba abu ne da za ka shiga kowane kemis a Sabon Gari ka samu ba. Sirof ɗin bitamin na yara da ake sayarwa ba madadinsa ba ne, galibinsu babu K a ciki ko kuma ɗan kaɗan ne.

Amma ko an bi tsarin ba fashi, akwai ramin da ɗigo ba ya cikewa. Bitamin K mai narkewa ne a maiƙo, kuma hanji ba ya tsotsar maiƙo sai ruwan maɗaciya ya gangaro daga hanta ya haɗu da abinci. Akwai jariran da ake haifa da toshewar wannan hanyar, ko da wani ciwon hanta, kuma ranar haihuwa babu mai iya gane su, kamar kowa suke. Irin wannan yaro duk abin da aka ɗiga masa a baki wucewa yake yi. An auna wannan a fili a wani bincike da aka buga a 2016 kan jarirai masu shan nono da ke da toshewar hanyar maɗaciya. A Holan, inda a lokacin ake ba da ɗigo kullum, 45 cikin 55 sun zubar da jini. Da aka ninka ɗigon sau shida, 9 cikin 11 suka zubar, wato ƙarin bai canja komai ba. A Danmak, bayan ta koma allura ta miligiram biyu, ɗaya ne cikin 24. A wurina wannan binciken ya raba gardama, domin yaran da suka fi kowa bukatar kariyar su ne ɗigo ya fi yi wa rashin amfani.

To uwa ta ci ganye mana

Wannan ita ce tambayar da ta fi ma'ana, kuma takan fito daga mata masu lura. Zogale, alayyahu, kabeji, latas da sauran koren ganye duk suna ɗauke da bitamin K, kuma mai jego ta ci su, za su amfane ta. Sai dai abin da ke tsallakawa daga kwanonta zuwa nononta kaɗan ne. An gwada ba masu shayarwa ƙwayar miligiram biyar kullum, adadin da kwaɗon zogale ba zai kai ba, nonon ya ƙaru da bitamin ɗin, amma ba a tabbatar da cewa hakan na hana zubar jini ba. Kuma ko ya ƙaru, ta hanji zai bi, ga wancan ramin na maɗaciya yana nan. Kunun kanwa da gasasshen nama na mai jego ba su da ruwa da wannan magana ko kaɗan.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce an haifi yaro a gida, a wani ƙauye kan hanyar Soba, kilo uku, ya yi kuka nan take, ya kama nono. Ba a kai shi asibiti ba sai bayan suna, aka yi masa rigakafi, ba wanda ya ta da zancen bitamin K. Yana da toshewar hanyar maɗaciya, ba a sani ba.

A mako na uku idonsa bai washe daga shawara ba. Aka ce ai shawara ce, a riƙa shanya shi a hantsi. Alamar da ta fi muhimmanci tana cikin tsummansa: kashin jariri mai shan nono ruwan ɗorawa ne, nasa kuwa ya koma fari-fari, fitsarinsa kuma yana rina zane. Wannan na nufin ruwan maɗaciya ba ya isa hanji. Shawarar da ta wuce mako biyu tare da farin kashi, ko babu ɗigon jini, dalili ce ta zuwa asibiti a ranar, domin aikin gyaran toshewar ya fi yin nasara idan an yi shi kafin yaro ya cika wata biyu.

A mako na biyar uwar ta ga wani shuɗin tabo a bayansa, da ɗan ƙullutu a ƙarƙashin fata, ba tare da ya faɗi ba. Washegari ɗan jini a hanci. Jaririn da bai fara rarrafe ba ba shi da inda zai samo kwanciyar jini, saboda haka tabo ko ɗaya a jikinsa gargaɗi ne, kuma wani lokaci kwana ɗaya ko biyu ne tsakaninsa da zubar jini a ƙwaƙwalwa. Da za a kai shi a wannan gaɓar, allurar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba za ta gyara jinin cikin awoyi. Idan aka jira, abin da ke biyo baya shi ne ya ƙi nono, ya yi ta amai, ya yi wani kuka mai tsini ko barcin da ba a iya tashinsa, tafin hannunsa da leɓensa su yi fari, maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri ko yana kwance shiru, sannan jijjiga, sau da yawa ta gefe ɗaya. A nan ne gida kan rabu, wasu su ce iska ce a nemo hayaƙi, wasu su ce a shafa wani abu a maɗiga. Jini ne ke taruwa a cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa, kuma kowace awa tana da tsada.

Irin wannan yaro babban asibiti ya dace da shi kai tsaye, inda akwai sashen jarirai da wurin ajiyar jini, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A tafi da wanda zai iya ba da jini. A faɗa wa likita abu uku tun a bakin ƙofa: a gida aka haife shi, nono zalla yake sha, ba a yi masa bitamin K ba. Za a ɗebi jini a yi gwajin PT, mai auna daƙiƙoƙin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. A wannan cutar lokacin yakan yi tsawo ƙwarai, alhali ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni adadinsu daidai yake. Ba a jiran sakamako kafin a ba da magani. Ana ba da bitamin K1 ta jijiya a hankali, ba a tsoka ba, domin huda tsokar yaron da jininsa ba ya daskarewa na iya tara jini a wurin. Cikin awa huɗu zuwa shida gwajin kan fara dawowa daidai, wannan dawowar ma ita ke tabbatar da cewa ƙarancin bitamin ne. Idan zubar ta yi yawa ba a jiran awoyin, sai a ƙara masa ruwan jini ko sabon jini mai ɗauke da sinadaran da suka riga suka kammala. Abin da maganin ba ya iyawa shi ne mayar da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya riga ya lalace.

Da ɗigo aka ba wannan yaron, ko da sau ukun cif, akwai yiwuwar labarin bai canja ba. Da allura aka yi masa ranar haihuwa, toshewar tana nan kuma sai an yi mata aiki, amma mafi rinjaye zai isa hannun likita da shawara da farin kashi kawai, ƙwaƙwalwarsa lafiya.

Ba kowane jini ne wannan cutar ba, kada a firgita mai jego a banza. Jaririya kan ga ɗan jini kaɗan ta gabanta a makon farko saboda sinadaran jikin uwa da suka janye, yana tsayawa da kansa. Jariri kan haɗiyi jinin haihuwa ko na tsagewar kan nono ya amayo shi. Ɗan ɗigo a tsumma ranar da cibiya ta faɗi ba komai ba ne. Wanda ake gudu shi ne mai ci gaba da tsiyaya bayan an danna da tsabtataccen ƙyalle na minti goma, ko mai fitowa ta wuri fiye da ɗaya, ko baƙin kashi bayan kashin farko ya riga ya wuce. Haka kuma allurar ba ta maganin kowace zubar jini. Idan a dangin uwa akwai mazan da jininsu ba ya tsayawa bayan kaciya, wannan wata cuta ce ta gado, a gwada yaron kafin aska ta taɓa shi ko an yi masa bitamin K.

Ga mai haihuwa a asibiti, ko a Gambo Sawaba ne a Ƙofar Gayan, ko Wusasa, ko ƙaramin asibitin unguwa, zaɓin allura ne, kuma tun a awon ƙarshe za a tambaya ko suna da ita ko sai an sayo a haɗa cikin kayan haihuwa. Kafin sallama wanda ya raka ta ya ce, "Sista, don Allah an yi masa bitamin K? A rubuta mana a kati." Ga wadda ta haihu a gida, a kai jaririn asibiti mafi kusa a ranar ko washegari, kafin wanzami, a nemi allurar da sunanta tare da rigakafin. Idan kwanaki sun riga sun wuce ba a makara ba, ɗan mako biyu ko uku da bai samu ba har yanzu yana gaban haɗarin nan na uku, a yi masa. Ɗigon baki na wanda iyayensa suka ƙi allura ƙememe ne bayan an yi musu bayani, da sharaɗin yaron cikakken wata tara ne, lafiyayye, uwarsa ba ta shan magungunan da aka ambata, an sami samfurin da ya dace, kuma an rubuta ranakun ɗigo na biyu da na uku a inda ba za a manta ba. Bakwaini, da mai gudawar da ta ƙi tsayawa, da wanda ya daɗe kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, da mai shawarar da ta wuce mako biyu, ko an fara musu ɗigo sai an koma an yi allurar.